DAGA AWO ZUWA KUƊI: YADDA AKE SHIRYA TAKARDAR LISSAFIN GINI



Maganar da zan yi a kai yau ta shafi duk wanda ya taɓa ba da aikin gini, ko yana niyyar bayarwa, ko kuwa yana cikin kwamitin da aka danƙa wa amanar kuɗin jama'a domin gina aji, ko ɗakin shan magani, ko rumbun ajiya. Sau da yawa akan kawo wa irin wannan kwamiti takarda mai shafuna da dama, cike da alƙaluma, sai kowa ya buɗe shafin ƙarshe ya dubi jimla, a shiga ciniki a kanta kamar ana sayen rago. Alhali kuwa ita jimlar nan ɗiya ce, iyayenta suna can cikin shafunan da aka tsallake. Wanda ya san yadda aka haife ta, shi ne zai iya gane ko ta halal ce.

Takardar da nake nufi ita ce wadda ma'aikatan gini ke kira bil, wato jadawalin ayyukan da ke cikin gini, da adadin kowane aiki, da farashinsa. Shirya ta sana'a ce ta masu ƙididdigar kuɗin gini. A ƙasar nan suna da ƙungiyarsu, NIQS, wadda aka kafa a 1969, kuma akwai hukumar da ke yi musu rajista, wadda aka kafa bisa Dokar Soja mai lamba 31 ta 1986. Ba nufina ba ne in mai da ku masu wannan sana'a a zama ɗaya. Nufina shi ne ku iya karanta aikinsu, ku bi sawun kowace naira tun daga zane har zuwa jimla.

ABU BIYU DA BA A GAURAYA SU

Kowane layi na bil yana tsaye ne a kan ƙafa biyu. Ta farko ita ce adadi, wato yawan aikin. Ta biyu ita ce farashin ɗaya, wato kuɗin da za a biya a kan awo guda na wannan aiki. Adadi daga zanen gini yake fitowa, ba ruwansa da kasuwa. In mutum goma suka auna zane ɗaya bisa ƙa'ida ɗaya, ya kamata su sami adadi ɗaya. Shi kuwa farashin ɗaya daga kasuwa yake fitowa, da ƙwazon ma'aikata, da ribar da ɗan kwangila ke nema, saboda haka yakan bambanta daga gari zuwa gari, da kuma daga wata zuwa wata. Duk hikimar bil ita ce a ware waɗannan abubuwa biyu, kowanne a gidansa, sa'an nan a ninka su a fili inda kowa zai gani.

Domin a tabbatar kowa yana awo iri ɗaya, masu sana'ar suna bin littafin ƙa'idar awo. Wanda ake amfani da shi a Nijeriya shi ne BESMM, na ƙungiyar da na ambata. Babbar ƙa'idarsa mai sauƙi ce: ana auna aiki ne kamar yadda zai kasance a jikin gini bayan an gama, ba tare da ƙara komai ba saboda fashewa ko zuba. Asarar kayan aiki tana da wurinta, amma a cikin farashi.

ƊAKIN DA ZA MU YI MISALI DA SHI

Bari mu ɗauki ɗakin ajiya guda, mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 in an auna daga waje. Tsayin bangonsa mita 3 ne, za a gina shi da bulo mai inci tara, wato kaurin mita 0.225. Yana da ƙofa ɗaya da taga biyu. Ayyuka huɗu kaɗai za mu bi: haƙar tushe, zubin kankaren tushe, ginin bango, da shafen filasta na ciki. Rufi da daɓe, da bulon cikin tushe, da linta, da ƙofa da tagogin kansu, kowanne yana da nasa layi a cikin cikakken bil, kuma hanyar duk ɗaya ce.

Mai awo ya riga ya yi aikinsa, ga abin da ya miƙo mana. Kewayen ɗakin daga waje mita 20 ne. Amma in aka yi lissafi da wannan, an ƙirga kowace kusurwa sau biyu, domin bangon gabas da na arewa sun yi tarayya a bulon da suka haɗu a kansa. Saboda haka akan bi tsakiyar bango, wato a cire kaurin bango sau huɗu daga kewayen waje. Sau huɗu na 0.225 shi ne 0.9, sai ya rage mita 19.10. Wannan shi ne tsawon da ramin tushe da kankare da bango duk za su hau kansa.

Ramin tushe yana da faɗin mita 0.675 da zurfin mita 0.90. In an ninka su da 19.10 za a sami 11.60, kuma awonsa kubik mita ne, wato cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne mita ɗaya ne. Kankaren da za a zuba a gindin ramin faɗinsa ɗaya da na ramin, kaurinsa mita 0.225, shi ya ba da kubik mita 2.90. Bango kuwa da murabba'in mita ake auna shi, wato fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya: 19.10 sau 3 ya ba da 57.30.

TATTARAWA DA CIREWA

Takardar awo ba ta da tsari irin na kasuwa. Mai awo yana bin zane ne sashe sashe, saboda haka aiki iri ɗaya kan watsu a shafuna da dama. Mataki na gaba shi ne tattarawa: a buɗe wa kowane irin aiki gida guda, a kwaso duk alƙalumansa a zuba ciki, waɗanda za a ƙara a gefe ɗaya, waɗanda za a cire a ɗaya gefen. Duk alƙalamin da aka kwashe sai a ja masa layi a takardar awo, don kada a ɗauke shi sau biyu, kada kuma a manta da shi.

A ɗakinmu, abin cirewa shi ne gurbin ƙofa da na tagogi, tun da ba za a sa bulo a cikinsu ba. Ƙofar tana da faɗin mita 0.9 da tsayin 2.1, wato murabba'in mita 1.89. Kowace taga mita 1.2 ce ta kowane gefe, wato 1.44, biyun suka ba da 2.88. Haɗe, gurabun sun kai 4.77. In an cire daga 57.30, bangon gaskiya ya zama murabba'in mita 52.53. Haka kuma filastar ciki: kewayen cikin ɗaki mita 18.20 ne, sau tsayin mita 3 ya ba da 54.60, a cire gurabun nan ya rage 49.83.

Sai bayan an gama duk wannan ne ake cike alƙaluma zuwa cikakkiyar lamba mafi kusa, kamar yadda aka saba: haƙa 12, kankare 3, bango 53, filasta 50. Wanda ya fara cikewa tun daga takardar awo, ƙananan ƙarin nan za su taru su zama babba kafin ya kai ƙarshe.

BAYANIN AIKI SHI NE ALKAWARI

Shafin bil yana da gida shida: lambar layi, bayanin aiki, adadi, irin awo, farashin ɗaya, da kuɗi. Jama'a sun fi mai da hankali ga gidan ƙarshe, amma rigima ta fi tasowa daga na biyu. In aka rubuta "ginin bango" kawai, ɗan kwangila zai iya kawo bulo mai inci shida, kuma bai karya alkawari ba, tun da ba a faɗa masa ba. Abin da ya kamata a rubuta shi ne: bangon bulo mai inci tara, wanda aka gina da kwaɓin siminti ɗaya da yashi shida. Haka nan kankare. Kwaɓin siminti ɗaya, yashi uku, tsakuwa shida, yana cin buhu huɗu da rabi a kubik mita. Kwaɓin ɗaya, biyu, huɗu kuwa, wanda ake yi wa ginshiƙi da linta, yana cin buhu shida ko fiye. Duk sunansu kankare, amma kuɗinsu ba ɗaya ba ne, ƙarfinsu ma ba ɗaya ba. Bayanin da bai faɗi kauri da irin kwaɓi ba, ƙofa ce a buɗe.

YADDA AKE GINA FARASHIN ƊAYA

Nan ne zuciyar aikin. Farashin ɗaya ba a kan tsinto shi daga bakin wani. Ana harhaɗa shi daga abu huɗu: kayan aiki tare da asararsu, ladan ma'aikata, hayar na'ura in aikin na buƙata, sa'an nan hidimar kamfani da riba. Kuɗaɗen da zan ambata na misali ne domin a ga hanyar lissafi. Kowa sai ya sa farashin kasuwar garinsu na ranar da yake lissafin, wanda ya haɗa da kuɗin dako har zuwa wurin gini.

Mu ɗauki murabba'in mita ɗaya na bango. Fuskar bulo tana da tsawon milimita 450 da tsayin 225. In an haɗa da kwaɓin da ke tsakani, bulo tara da ɗan kaɗan ne ke cika murabba'in mita. Akan ɗauki goma, domin wasu za su fashe wajen sauke kaya, wasu kuma za a datse su a kusurwa da bakin taga. Kun ga inda asara ta shiga. In bulo ɗaya Naira 700 ne, goma sun kama Naira 7,000.

Sai kwaɓi. Mu ɗauka buhun siminti mai kilo 50 yana ɗora bulo hamsin. Ke nan bulo goma suna cin kashi ɗaya cikin biyar na buhu. In buhu Naira 10,000 ne, wannan kashi ya kama Naira 2,000. Mu sa Naira 500 na yashi.

Ladan ma'aikata kuwa daga abin da suke iya yi a yini ake fitar da shi. A ce birkila yana karɓar Naira 10,000 a yini, leburansa Naira 6,000, haɗe Naira 16,000. In su biyun suna ɗora bulo tamanin a yini, sun gina murabba'in mita takwas ke nan, sai kowane ɗaya ya kama Naira 2,000. A lura, da bulo sittin da huɗu suke iya ɗorawa, da ladan ya koma Naira 2,500, ba tare da an ƙara musu ko kwabo ba. Saurin aiki ma farashi ne.

Mu haɗa: 7,000 da 2,000 da 500 da 2,000 sun ba da Naira 11,500. Wannan shi ne abin da ɗan kwangila zai kashe. Amma yana da ofis, da akawu, da mota, kuma ba aikin sadaka yake yi ba. In ya ɗora kashi 20 cikin 100 na hidima da riba, wato Naira 2,300, farashin murabba'in mita ɗaya na bango ya zama Naira 13,800.

Kankare yana da wani sirri da ke rikita sababbin shiga. In ka haɗa busassun kaya na kubik mita ɗaya ka kwaɓa, ba za ka sami kubik mita ɗaya na kankare ba, domin yashi zai shige ramukan tsakuwa, siminti kuma ya shige na yashi. Ana buƙatar kimanin kubik mita ɗaya da rabi na busassun kaya kafin a sami ɗaya na kankare. Saboda haka lissafin zai zama: siminti buhu huɗu da rabi, Naira 45,000, yashi rabin kubik mita, Naira 4,000, tsakuwa kubik mita 0.9, Naira 27,000; masu kwaɓi da zubi, Naira 9,000. Jimla Naira 85,000, da ƙarin kashi 20 cikin 100 ya zama Naira 102,000.

Haƙa ba ta cin kaya, ƙarfin lebura kaɗai ne. In yana haƙa kubik mita biyu a yini a kan Naira 6,000, kowane ɗaya Naira 3,000 ne, da riba Naira 3,600. A ƙasa mai marmara ba zai iya biyu ba, sai farashin ya hau. Filasta kuma, ta wannan hanya, mu ce ta kama Naira 4,200.

DAGA LAYI ZUWA JIMLA

Yanzu sai a ninka kowane adadi da farashinsa:

A. Haƙar ramin tushe, kubik mita 12 a kan N3,600, ya kama N43,200.
B. Kankaren tushe, kwaɓin 1:3:6, kubik mita 3 a kan N102,000, ya kama N306,000.
C. Bangon bulo mai inci tara, murabba'in mita 53 a kan N13,800, ya kama N731,400.
D. Filastar bangon ciki, murabba'in mita 50 a kan N4,200, ya kama N210,000.

Jimlar layukan huɗu Naira 1,290,600 ce. A babban bil kowane shafi yana da tasa jimla, a kwashe su zuwa shafin tattarawa na sashe, daga nan zuwa shafin taƙaitawa na ƙarshe.

A shafin taƙaitawa ne wasu abubuwa uku ke shigowa. Na farko kuɗin share fage, wato hidimomin da suka shafi aikin gaba ɗaya kuma ba a iya auna su da mita, kamar ruwa, da gadi, da rumfar ajiye siminti, da katakon hawa. Mu sa Naira 100,000. Na biyu kuɗin ko-ta-kwana, domin abin da ba a gani ba sai an fara haƙa. Mu sa Naira 70,000. Wannan kuɗi na mai gini ne, ba a taɓa shi sai da umarninsa a rubuce, in kuma ba a taɓa ba, ya koma aljihunsa. Jimla ta zama Naira 1,460,600. Na uku harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 tun watan Fabrairu na 2020, a nan Naira 109,545. Jimlar ƙarshe ta waɗannan ayyuka ita ce Naira 1,570,145.

INDA KUSKURE KE ƁUYA

Kuskure na farko shi ne mantuwa da gurabu. Da ba a cire ƙofa da tagogi ba, da bango ya zama 57 maimakon 53, wato an biya Naira 55,200 a kan bangon da babu shi. A ɗaki ɗaya ke nan. A makaranta mai aji shida da tagogi masu yawa, sai ku ƙiyasta.

Na biyu shi ne ƙirga abu sau biyu. In aka ƙara wa adadi kashi 10 cikin 100 saboda fashewar bulo, alhali farashin ɗaya ya riga ya ɗauki bulo goma maimakon tara, an biya asara sau biyu. Haka in aka sa kuɗin ruwa a cikin farashin kankare, aka sake sa shi a kuɗin share fage.

Na uku shi ne rikicin awo. Magina da yawa har yanzu da ƙafa suke magana, zane kuwa da mita yake zuwa. Murabba'in mita ɗaya ya kusa murabba'in ƙafa goma sha ɗaya, saboda haka in adadi yana ƙafa, farashi yana mita, kuɗin zai ninka fiye da sau goma. Ɗigo ɗaya ma in ya kauce, 2.90 ya zama 29.0, sai kankaren Naira 306,000 ya kusa miliyan uku.

Na huɗu ba kuskure ba ne, dabara ce. Wani ɗan kwangila yakan kumbura farashin ayyukan farko, kamar haƙa da tushe, ya rage na ƙarshe, kamar fenti. Jimla ba ta canza ba, amma yana kai rabin aiki ya riga ya kwashe yawancin kuɗin, in ya gudu kuwa abin da ya rage ba zai ƙarasa ginin ba. Hanyar gane shi ita ce a jera takardun masu neman kwangila gefe da gefe, a kwatanta su layi da layi. Tun da adadinsu ɗaya ne, duk farashin da ya fita daban zai nuna kansa.

Akwai kuma gwaji mai sauƙi da kowa zai iya yi: a mai da adadi ya koma kaya. Murabba'in mita 53 na nufin bulo 530 da siminti kusan buhu goma sha ɗaya. Kubik mita uku na kankare na nufin buhu goma sha uku da rabi. In aka ce a kawo bulo ɗari tara domin bangon ɗakin nan, sai a tambayi inda sauran za su.

BAYAN AN SA HANNU

Amfanin bil ba ya ƙarewa ranar da aka ba da kwangila. Da shi ake biyan kuɗi daidai da aiki: in an auna an ga an gina murabba'in mita 30 na bango, ƙimarsa Naira 414,000 ce, ba abin da ɗan kwangila ya ce yana buƙata ba. Da shi kuma ake yi wa canji kuɗi: in mai gini ya ce a toshe taga ɗaya da bulo, ƙarin shi ne 1.44 sau 13,800, wato Naira 19,872, sa'an nan a cire kuɗin ita tagar daga nata layin.

Iyakarsa ita ce lokaci. Adadi ba ya tsufa muddin zane bai canza ba, amma farashi yana tsufa. In buhun siminti ya tashi daga Naira 10,000 zuwa 12,000, farashin bangonmu zai koma Naira 14,280, na kankare kuma Naira 112,800. Kun ga ƙarin bai kai kashi 4 cikin 100 ba a bango, a kankare kuwa ya ɗan haura kashi 10, ko da yake siminti ya tashi da kashi 20. Saboda haka wanda ya ce a ƙara kashi 20 cikin 100 a kan dukan kwangila don siminti ya hau, ya nemi abin da ya wuce haƙƙinsa. Dole ne kowane bil ya ɗauki kwanan watan da aka yi farashinsa, kuma yarjejeniya ta faɗi tun farko ko za a biya bambancin kasuwa ko ba za a biya ba.

Don haka, jama'a, in an kawo muku bil, ku nemi abu uku kafin ku sa hannu: takardar awon da adadin ya fito daga cikinta, da lissafin da ya haifar da farashin manyan layuka, da kwanan watan farashin. In aikin babba ne, ku sa mai ƙididdiga mai rajista ya duba muku, domin ladansa bai kai asarar layi ɗaya da aka kumbura ba.